Lissafina da awon mita sun saɓa, wane kapasita zan saka?

Jama'a, ku taimaka mini. Ina haɗa da'irar mai da wutar AC zuwa DC da dayod ɗaya tak, 1N4007, mai barin rabin zangon wuta ya wuce. Taransifomar tana ba da bolt 12, ƙololuwarta wajen bolt 17 ke nan, dayod ya ci 0.7. Kayan da zan jona suna jan miliamfiya 100, kuma ina so hawa da saukar wutar kada ya wuce bolt 1.

Na yi amfani da C = I / (f × ΔV). Da yake kapasita sau ɗaya yake cika a kowane zango, na sa f a 50, ba 100 ba. Ya ba ni 0.1 / (50 × 1), wato maikurofarad 2000, sai na saka mai 2200, bolt 25. A lissafi ya kamata in ga wajen bolt 0.9.

Amma da na juya mita zuwa AC na auna ƙafafun kapasitan, bolt 0.27 ta nuna. Shin mitar wani matsakaici take aunawa, ba tazarar sama da ƙasa ba? In kuwa ita ce daidai, mai 1000 zai ishe ni? Ba ni da na'urar ganin siffar zangon wuta, ta yaya zan tabbatar?