Riyal 30 ko riyal 40: nawa jallabiya ɗaya ta ci?

Bashir: Assalamu alaikum. Muna ɗinka jallabiya a Jidda, muna sayar da ɗaya riyal 55. Yadi 18, ladan tela 9, zare da maɓalli da leda 3. Hayar wurin ɗinki, albashin mai kula da tsufan kekuna suna cin riyal 40,000 a wata, kuma yawanci mukan fitar da 4,000. Akanta ya rubuta riyal 40 a kan kowace riga. Yayana ya ce 30 ne, goman nan ƙirƙirar akanta ce. Wa ya yi daidai?

Kawu Ɗanjuma: Wa alaikumus salam. Yayanka ya fi gaskiya, ɗana. Ka ɗinka riga ɗaya ƙari yau, abin da zai fita daga aljihunka talatin ne, ba ko halala a kai. Mai gida ba ya ƙara maka haya don ka ƙara riga. Wannan shi ne majinal, kuma ni shi kaɗai na yarda da shi. Lissafin da kuɗin riga ke hawa yana sauka alhali yadin bai canza ba, ai wasa da lambobi ne.

Hajiya Rabi: Kawu, a gafarce ni, ba ƙirƙira ba ce. Akanta ya bi abzobshin, wato ya raba 40,000 a kan riguna 4,000, kowace ta ɗauki 10. Inda hanyoyin biyu suka rabu wuri ɗaya ne tak: ina za a ajiye 40,000 ɗin nan. Majinal yana zubar da shi gaba ɗaya a kan watan da aka kashe shi. Abzobshin yana goya shi a bayan riguna, sai ran da aka sayar da riga sannan kasonta ya zama kashewa.

Mu ɗauki Sha'aban, lokacin da ake tara kaya saboda azumi da Salla. An ɗinka 5,000, an sayar da 3,000. A majinal kowace riga ta bar 25, sau 3,000 ya ba da 75,000, a cire 40,000, riba 35,000. A abzobshin za a raba 40,000 a kan 5,000, kowace ta ɗauki 8, kuɗinta ya zama 38. Riba 17 sau 3,000, wato 51,000. Ciniki ɗaya, wata ɗaya, amma tazarar 16,000.

Kuɗin nan bai ɓata ba. Ku shiga sito ku dubi riguna 2,000 da ke jere cikin leda, kowace tana goye da riyal 8 na haya da sauran tsayayyun kuɗaɗen watan. Shi ne 16,000 ɗin. A Ramadan idan aka ɗinka 4,000 aka sayar da 6,000, abin sai ya juya: majinal ya nuna 110,000, abzobshin ya nuna 94,000. Ku haɗa watannin biyu, ko ta ina 145,000 ne.

Kawu Ɗanjuma: To ai Hajiya kin kama mini hannu ne. Manaja mai wayo sai ya cika sito da kayan da babu mai saye, takarda ta nuna riba, asusu kuwa wayam.

Hajiya Rabi: Wannan kam haka yake, kuma shi ne babban aibin abzobshin. Gane shi ba wuya: riba tana hawa, ciniki yana nan inda yake, sito yana kumbura. Duk wanda ya ga ukun nan tare, ya ninka ƙarin kayan sito da kason kowace riga, zai ga nawa ne daga ribar ba ciniki ya kawo shi ba.

Usman Madina: Ni ina ganin bambancin daga harajin VAT na kashi 15 ne. Wataƙila akantan ya haɗa da shi, yayan bai haɗa ba.

Malam Sani: A'a Usman, kashi 15 na talatin huɗu da rabi ne, ba goma ba. Kuma wanda ya yi rajistar harajin yana cire abin da ya biya wajen sayen yadi daga abin da ya karɓa wajen sayarwa, don haka ba ya shiga kuɗin riga.

Kawu, abin da kuka tsallake shi ne ba zaɓi aka bar wa akanta ba. Saudiyya ta koma ƙa'idojin lissafi na duniya, kamfanonin kasuwar hannun jari a 2017, sauran a 2018. IAS 2, ƙa'idar da ta shafi kayan sito, ta ce kayan dole su ɗauki kasonsu na tsayayyun kuɗaɗen masana'anta, kuma ƙa'idar ƙananan kamfanoni ma haka ta ce. Mai binciken asusu ba zai sa hannu a sito da aka ƙiyasta a kan 30 ba.

Sai dai akwai iyaka da akantoci da yawa ke takawa. Rabon ana yin sa ne a kan abin da wurin ya saba fitarwa, ba abin da ya fitar a watan ba. A Muharram, bayan alhazai sun watse, a ce an ɗinka 2,000 kawai. Mai ganganci zai raba 40,000 a kan 2,000 ya rubuta riga ta ci 50. Kuskure ne. Kason yana nan a 10, riguna su ɗauki 20,000, ragowar 20,000 a zubar a kan watan a matsayin asarar zaman kekuna. In ba haka ba, sai mai kaya ya ga 50 ya firgita ya ƙara farashi a lokacin da kasuwa ta mutu, ciniki ya ƙara raguwa, wata mai zuwa lambar ta ƙara hawa. Amma idan aiki ya zarce saba sosai, kamar 5,000 na Hajiya, nan ana rage kason zuwa 8, don kada a ɗora wa kaya abin da ba a kashe ba. Kuma Bashir, ka duba ko a cikin 40,000 akwai hayar shagon sayarwa ko man motar rarraba kaya. Waɗannan ba sa shiga kuɗin riga ko a abzobshin.

Bashir: Babu su, Malam. Amma ga wata: wani ɗan kasuwa yana son 500 a kan riyal 34. Akanta ya ce faɗuwar 6 ce a kowace.

Kawu Ɗanjuma: Kun gani ko? Karɓi abinka. Huɗu sau 500, dubu biyu ke nan da ba ka da su jiya.

Hajiya Rabi: A nan akanta ya yi amfani da lambar da ba ta wurin ba, Kawu ya fi shi kusa. Amma da sharaɗi. In Muharram ne kekuna na zaune, a karɓa. In Sha'aban ne, kowace riga ta 34 ta ture wadda za a sayar 55, ko kuma a shiga aikin ƙarin lokaci, wanda dokar ƙwadago ta nan ta ɗora wa ƙarin rabin asalin ladan awa. Riyal huɗun nan ba za su jure haka ba. Ga kuma masu sayen 55, ran da suka ji labarin 34.

Malam Sani: Ni talatin ɗin ma ban gama yarda da shi ba. Bashir, telolinka a kan kowace riga kake biyansu, ko albashin wata? Domin tela da ke ƙarƙashin kafalarka, kana biyan albashinsa da iƙamarsa da inshorarsa ko ya ɗinka ko bai ɗinka ba. In haka ne, taran nan tsayayye ne: 36,000 ya koma kan 40,000 ya zama 76,000. Abzobshin a kan 4,000 bai motsa daga 40 ba, 21 da 19. Majinal kuwa ya faɗo zuwa 21.

Hajiya Rabi: Malam, ban bi ka har can ba. Albashin tsayayye ne a cikin wata, amma a cikin shekara ana iya ƙin sabunta kwantiragin tela biyu. Wanda ya saba kallon 21 zai fara karɓar oda a kan 25.

Malam Sani: Odar kuwa ta wata ɗaya ce, ba ta shekara ba.

Bashir: Shida suna kan albashi, huɗu a kan riga.

Kawu Ɗanjuma: To sai ka turo mana nawa kowane ɓangare ke ɗinkawa a wata, da wanda za ka ba aikin 500 ɗin.