Takunkumi da taga a motar Katsina zuwa Daura

A hirarmu kan mura mai zazzaɓi, aka tambayi wata malamar jinya ko takunkumi na da amfani a bas. Ta ce yana ragewa, amma ba ya hanawa ɗungurungum. Ƙwayar cutar tana bin ɗigon tari da atishawa, ƙananan kuma su yi ta yawo a iskar da ba ta fita. Don haka mai tarin shi ya fi cancanta ya sa, ya rufe hanci da baki. Wanda ya sauke shi haɓa bai yi komai ba, idan ya jiƙe kuma a sauya.

Wani direba ya ce, "Malama, da sanyin hunturu fasinja ba sa yarda a buɗe gilashi." Ta ce, "Malam, ba sai duka ba. Sassauta ɗaya a gaba, ɗaya a baya ta ɗaya gefen, iska ta ratsa."

Wannan ya fi kama hankalina, domin mutum goma sha takwas a rufe sama da awa guda, numfashin juna suke shaƙa. Aji ma haka, a buɗe tagogi masu fuskantar juna. Kasuwa da sauƙi, sai dai cikin rumfa mai cunkoso.