Baba ya faɗi ana gobe zan kai abincin walima

Maman Hanifa: Assalamu alaikum. Girkin taro nake yi a Kano. Na karɓi aikin walima, shinkafa da kaza na mutum 200, za a kai Asabar da azahar. Daren Juma'a hawan jini ya kayar da Baba, muka kwana a asibiti. Sai da asuba na tura wa Hajiyar saƙo cewa ba zan samu yi ba. Ta ce Allah ya ba shi lafiya, daga nan shiru. Shekara uku ina yi mata girki, abin ya tsaya min a rai. Wanda irin haka ta taɓa samu, yaya ya yi?

Anti Bilki: Sannu ƙanwata, ya jikin Baba? Uzurinki ba wanda zai ƙi karɓa, jinkirin ne ya ɓata. Ranar da ɗana ya ƙone da ruwan zafi ina da aikin suna washegari. Muna hanyar asibiti na fara kiran wata abokiyar sana'ata, ta yarda za ta karɓa, sannan na kira uwar jegon, ban tura saƙo ba. Na ce mata, "Hajiya, yarona ya ƙone, ba zan iya tsayawa kan tukunya gobe ba, amma ga wadda za ta yi, hannunta na sani." A daren aka kai mata kajin da na yanka da markaɗe da robobin zubawa, na faɗa mata yawan mutane da cewa gidan ba sa son yaji. Mai taro abincin baƙinta ne damuwarta, ba dogon bayani ba.

Malam Sani Tela: Ni dai na ce ki mayar mata da kafin alƙalaminta duka, magana ta ƙare. Haka na yi da aka yi min rasuwa ana jibi Sallah.

Maman Hanifa: Malam, dubu 150 ta ba ni, fiye da rabi ya tafi a cefane. Kajin suna firiza har yanzu.

Ummu Khalil: Ai masu biki ma suna soke mana aiki ba su biya ko sisi.

Anti Bilki: Wannan daban, Ummu, nan mu ne muka fasa. Maman Hanifa, kada ki lissafa mata cefane tunda ba ta ci komai ba. Ki taka har gida, ki ba ta haƙuri ki ce da kin kira tun dare, ki miƙa abin da ke hannunki, sauran ki sa ranar da ba za ki saɓa ba.

Malam Sani Tela: Kuɗi guntu-guntu kan ƙara ɓata rai, Anti. Gara ta ranto ta cika.

Maman Hanifa: An sallami Baba jiya, alhamdulillah. Gobe bayan la'asar zan je gidanta.