Na shafe lambar waya a sikirinshot amma ƙanena ya karanto ta

Maman Hanifa, Agege:
Assalamu alaikum jama'a, neman shawara nake. Ni ce ke riƙe da adashin matan layinmu, wata ta kwashi nata ta daina zubi, ina so in tura hirarmu zuwa guruf ɗin unguwa don a ja kunne amma ba na son a gane ta, tana da iyali. Na shafe lambarta da hotonta da baƙin alƙalami a ayfon, wai kawai ƙanena ya karɓi wayar ya ɗan taɓa wani abu sai ga lambar ta fito ɓaro-ɓaro. Allah ya taimake ni ban tura ba. Yaya ake rufewa ta yadda ba mai iya dawo da ita?

Sani Mile 12:
Hajiya ai abu ne mai sauƙi, bayan kin shafe ki sake ɗaukar sikirinshot na wanda kika shafe ɗin, shi za ki tura. Shikenan ba mai iya buɗewa.

Auwalu mai gyaran waya, Ikeja:
Wa alaikumussalam Hajiya. Malam Sani maganarka da gaskiya a ciki amma a nan ba za ta fisshe ta ba, bari in yi bayani don kusan kullum sai an kawo min irin wannan a shago. Abin da ƙanenki ya yi ba wani tsafi ba ne. A cikin Markup na ayfon, wato wurin da ake zane a kan hoto, akwai alƙalami mai faɗin baki, wanda aka yi shi don haskaka rubutu kamar yadda ɗalibai ke yi a littafi, to tawadarsa shara-shara ce ko da kin zaɓi baƙi. A ido za ki ga baƙi ƙirin, amma a cikin hoton inda rubutun yake ya fi gefensa duhu da ɗan kaɗan, shi kuma yaron sai ya shiga Edit ya ja Exposure da Brilliance da Shadows sama, wannan ɗan bambancin ya girma har ido ya gani. In kika sake sikirinshot wannan bambancin yana nan, kin dai kwafe shi ne zuwa sabon hoto.

Abin da za ki yi, ki bar alƙalami gaba ɗaya. Ki buɗe hoton a Markup, ki danna alamar + ki zaɓi Add Shape, ki ɗauki akwati mai kusurwa huɗu, ki cika cikinsa da baƙi, ki tabbata Opacity yana kan 100%, sai ki ja shi ya rufe lambar duka har ya ɗan zarce sama da ƙasa. Bayan nan ne maganar Malam Sani take aiki, domin ayfon ba ya goge hoton asali in kin gyara shi, yana ajiye shi a ƙarƙashi, shi ya sa akwai Revert, wanda ke dawo da hoton asalin. Sabon sikirinshot ɗin shi ba shi da komai a ƙarƙashi, abin da ido ya gani shi ke nan. Kafin ki tura kuma ki yi masa gwajin ƙanen naki da kanki, ki ja hasken har ƙarshe ki zuƙo wurin da yatsu biyu, in akwatin ya zauna lis ba ko inuwar rubutu to ya rufu.

Hauwa'u Idi-Araba:
Ni fa ban ga dalilin rufa mata asiri ba, kuɗin mutane ta ci, ki saka lambar da hoton kowa ya gani. Mu ma an yi mana haka bara har yau shiru.

Maman Hanifa:
A'a Hauwa'u, mijinta abokin baban Hanifa ne, kuma ta yi alƙawarin biya. Jan kunne kawai nake so.

Bashir Obalende:
Ni Blur nake amfani da shi, ya fi kyan gani, baƙin akwati sai hoto ya zama kamar takardar kotu. Ko ƙwararre ne ba ya iya karanta abin da aka dama.

Auwalu:
Bashir ga lamba dai kar ka yarda da shi. Dama hoto ba gogewa ba ne, kalolin wurin ne aka cakuɗa bisa lissafi. Mai nema ba ya ƙoƙarin warware damun, sai ya rubuta 0 zuwa 9 da irin rubutun WhatsApp ɗin, ya dama kowanne kamar yadda ka dama, ya duba wanne ya yi daidai da naka. Lambobi goma ne kacal a kowane gurbi, ga lambar Najeriya 11 ce kuma farkonta sananne ne, 0803 ko 0802 ko 0805 da sauransu. Akwai manhajoji irin su Depix da Unredacter da aka yi musamman don nuna ana iya karanta rubutun da aka mayar ƙananan murabba'ai. Fuska ma an taɓa yi, a 2007 wani da Interpol ke nema ya murɗa fuskarsa a hotuna kamar guguwa, 'yan sandan Jamus suka warware murɗin fuskar ta fito, aka kama shi a Tailan.

Bashir:
To wancan murɗawa ce, ni nawa damu ne mai kauri sosai. Kuma wa zai zauna ya yi wannan wahalar a kan rigimar adashi a Agege?

Auwalu:
Damu mai kauri a kan fuska ya fi murɗawa, ban musa ba. Amma a guruf ɗin unguwa ba a buƙatar manhaja, kalar mayafi da tsayin fuska sun isa maƙwabciya ta ce ai wance ce.

Zulai Alaba Rago:
Wallahi wannan ta faru da ni. Na ɗora emoji a fuskar wata, na rufe lambarta tsaf, ashe a cikin hirar ta turo min lambar asusun OPay, ni kuma ban kula ba cewa lambar wayarta ce aka cire sifilin farko. Wani ya saka ta kamar zai tura kuɗi sai ga cikakken sunanta, kafin magariba har gida aka zo min. Maman Hanifa ki bi hirar layi-layi, musamman risit ɗin tiransifa da inda aka yi riflai, don sunan mutum yana sake fitowa a saman saƙon da aka amsa.

Sani:
To ai ba sai an rufe lambar duka ba, ki bar farko da ƙarshe don mutane su san ba ƙirƙira kika yi ba.

Auwalu:
Malam Sani in ta rufe uku na tsakiya kawai saura lambobi 1,000 a gwada, kuma wanda ke da lambar matar a wayarsa ba sai ya gwada ba, huɗun ƙarshe zai buga a wurin nema sunanta ya fito. A guruf ɗin unguwa kuwa rabin mutane suna da ita. A rufe duka. Hoton furofayil kuma ni da sunan da ke sama yanke su zan yi gaba ɗaya, sai in sake sikirinshot, domin yankan ma ya taɓa ba da kunya, a 2023 an gano a wayoyin Pixel da Snipping Tool na Windows ana iya dawo da ɓangaren da aka yanke, kafin su toshe matsalar. Emojin Zulai yana rufewa in babba ne, ki dai duba kunne da goshi kar su leƙo.

Maman Hanifa:
Na gode ƙwarai Malam Auwalu, na yi akwatin na sake ɗauka, na ba yaron ya ja hasken har ya gaji bai ga komai ba. Zulai Allah ya saka, akwai risit guda biyu da sunanta da ban lura ba. Saura abu ɗaya, a cikin hirar ta ce sai an sallami ɗanta daga asibiti za ta biya, kuma duk layin an san ɗan wa ke kwance.

Zulai:
To wannan saƙon ma akwati.

Hauwa'u:
In kin rufe wannan me ya rage a karanta kuma?