'Ya'yan kabewa da kankana suna motsewa tun suna ƙanana

Jama'a, a taimaka. Kabewata da kankana suna fitar da furen mace, wato mai ɗan ƙullutu a gindinsa, amma bayan furen ya rufe sai ƙullutun ya ƙi girma, ya yi ɗorawa daga baki, ya motse ya faɗi. Ganye kuwa kore shar, ban ruwa bai yanke ba. Na rage takin yuriya, na daina feshin maganin ƙwari, shiru. Da sassafe, lokacin da furanni ke buɗe, ba na ganin ƙudan zuma ko ɗaya. Na gwada goga garin furen namiji a kan na mace da yamma, su ma suka zube.

Shin rashin ƙudan zuma ne ya jawo wannan, har ya kamata in mayar da gogawar zuwa safiya?