Istifsali da tafsili: wa zai ara mini Hausarsu?

Mai Fassara: Assalamu alaikum. Ina juya wani darasi kan ladubban fatawa zuwa Hausa, kalmomi biyu sun tsaya mini a wuya. Idan aka kawo wa malami tambaya mai harshen damo, ko dai ya mayar da gajeriyar tambaya ɗaya kafin ya amsa, wannan ne istifsali, ko kuma ya ce "in kaza ne hukuncin kaza, in kuwa kaza ne to kaza", wannan ne tafsili. Ba na son in bar su da Larabcinsu, domin mutanen gida ne za su saurara.

Ɗan Kasuwar Kurmi: Ai tafsiri kowa ya san shi, malam. Bar shi haka nan.

Almajirin Zaure: Tafsili aka ce, Alhaji, da harafin lam, ba na watan azumi ba. Bari in kawo misalin da aka koya mana da shi a darasin gado. Mutum ya rasu ya bar 'ya ɗaya, da ɗan'uwa, da baffa, wato wanda suke uwa ɗaya uba ɗaya da mahaifinsa. A ce bayan jana'iza da biyan bashi da wasiyya an sami naira 2,400,000. 'Yar tana da rabi, 1,200,000, wannan babu gardama. Sauran rabin fa? Idan ɗan'uwan shaƙiƙi ne ko li'abi, wato wanda suka haɗa uba kawai, shi zai kwashe, baffa ya tashi hannu rabbana. Idan li'ummi ne, wato uwa kawai suka haɗa, 'yar ta katange shi, kuɗin ya koma wa baffa. Ka ga tambaya ɗaya, "ta ina suka haɗu da mamacin?", ita ke juya akalar 1,200,000. Kuma a bakin Bahaushe ɗan'uwa yana iya zama ɗan baffa ma. Ni da "tambayar tantancewa" nake kiranta.

Mai Fassara: Tantancewa ta kwanta mini, sai dai yanzu kunne ya saba jin ta wajen ɗaukar aiki da zaɓe. Na yi tunanin "bin ba'asi".

Goggon Yara: A'a, ɗana. Bin ba'asi sai an yi laifi. Ka ce wa mace za a bi ba'asin maganarta, sai ta ɗauka tuhumarta ake yi, ta ja bakinta. Kuma ni ban ga amfanin mayar da tambaya ba. Na taɓa tura tambaya gidan rediyo, malamin ya ce sai na ƙara bayani, shirin kuwa mako-mako ne, har yau ba a sake karanto tawa ba. Da ya faɗi duka fuskokin, da na zaɓi tawa.

Almajirin Zaure: Goggo, a rediyo kina da gaskiya. Mai tambaya ba ya kusa, kuma a misalin gadon nan fuskoki uku ne da suka koma amsa biyu, numfashi ɗaya ya ishe su. Amma ɗauki saki. An tare ko ba a tare ba? Saki na nawa ne? Idda ta cika ko da saura? Furucin ƙarara ne ko a kaikaice? Ko da kowace tambaya biyu kawai ta haifa, huɗun nan sun ba da reshe 16. Kafin malam ya kai na biyar mai sauraro ya ɓace. Sannan kalmar da kika faɗa, "na zaɓi tawa", ita ce abin tsoron. An ruwaito cewa Abul Hasan Alƙabisi, malamin Malikiyya na Ƙairawan, ya ƙi irin wannan amsa, domin mai husuma yana jin reshen da zai fisshe shi sai ya gyara labarinsa ya dace da shi.

Mai Fassara: To ga ka nan ka ba ni kalma ba ka sani ba. Tafsili ya zama "amsa mai rassa". Da na rubuta "amsa filla-filla", amma wannan tana nufin an yi dogon bayani ne kawai, ba ta nuna cewa hanya ta rabu.

Malamin Firamare: Mai rassa ta yi. Na farkon kuma me zai hana "tambayar fayyacewa"? Ɗalibi ya ce bai gane lissafi ba, na ce "wanne, na allo ko na littafi?", ai fayyacewa na nema, ban tantance kowa ba.

Almajirin Zaure: Wa ke fayyacewa, mai tambaya ko mai amsa? Kalmar ba ta nuna ba. Larabcin neman abu yake nunawa, don haka sai dai "neman fayyacewa".

Goggon Yara: Mu dai a gida cewa muke "wanne daga ciki?"

Mai Fassara: Na rubuta "amsa mai rassa" da biro. Ɗayar na sa "neman fayyacewa" da fensir, zan karanta wa mahaifiyata sakin layin da daddare in ji ko za ta tsayar da ni.