Katun ɗin da na haɗa daga hotona bai yi kama da ni ba

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tun da aka taɓa kwafe hotona aka buɗe wani shafi da shi, na daina sa fuskata a intanet, shekara biyu ke nan fure ne a wurin. Yanzu ina son katun mai kama da ni. Sau uku ina gwada wata manhaja: ta haska ni, hanci ya yi girma, tabarau ya narke cikin ido, kuma da na ɗora shi kai ya yanke. Don Allah ta ina zan fara?

Mai zane: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Daga hoton matsalar take. In kika kara waya kusa da fuska, hanci ne ya fi kusa da kyamara, dole ya fito babba, manhaja kuma abin da ta gani take ƙara wa gishiri. Ki jingina wayar daidai tsayin idonki, ki ja baya kamar mita ɗaya, ki sa `Timer`. Ki fuskanci taga da rana, kada tagar ta kasance a bayanki. Ki kashe abin gyaran fuskan kyamara. Tabarau kuwa, ƙyallin gilashinsa ne ke rikita manhajar, ki cire shi.

Mai tambaya: Malam, hoton nan fa shi ne mafi kyau a wayata, da dare na ɗauka amma akwai haske sosai. Kuma ba wanda zai gane ni ba tabarau.

Wata 'yar'uwa: Ki sauke Bitmoji kawai, ki ɗauki hoto a ciki, minti biyar kin gama. Tabarau kala-kala ne a ciki.

Mai zane: Gaskiya ne akwai tabarau, Anti, sai dai ba zana ta zai yi ba. Ido da hanci da baki da aka riga aka zana yake harhaɗawa, sai a samu wanda ya yi kusa. Wadda ke son kamanninta sak, ta bi layin hotonta da hannu. Ga yadda nake yi a manhajar zane ta ibisPaint X. Ki buɗe sabon shafi murabba'i, 1080 da 1080, ki shigo da hoton. Ki rage `Opacity` ɗinsa zuwa 40 ko 50 ya dusashe, sannan ki buɗe sabon `Layer` a samansa, kamar takarda ce da ake hango hoton ta cikinta. A kan sabon za ki yi zane, kada ki taɓa na hoton. Ki ɗaga `Stabilizer` don yatsa kada ya yi rawa. Ki bi haɓa, gira, saman ido da tsakiyar leɓe. Hanci ɗan layi a ƙasansa da ramuka biyu sun isa, in kika zagaye shi duka sai fuskar ta tsufa. A wannan hanyar ki bar tabarau ɗinki a hoton, ki zana firam ɗin, ki bar gilashin.

Launi kuma a wani `Layer` ƙarƙashin na layi. Ki mayar da `Opacity` na hoton zuwa 100, ki ɗauko launin fata da `Eyedropper` daga kumatu, ba goshin da haske ya daka ba, nan ne ake haskewa. In kika zuba da `Bucket` ya malale ko'ina, akwai inda layinki bai haɗe ba, ki nemo ki toshe.

Wani ɗan'uwa: Ni dai ku yi hattara. Na taɓa danna gwajin kyauta na kwana uku a wata manhajar katun, na manta ban soke ba, sai cire min kuɗi aka yi ta yi duk mako. Goge manhaja ba ya tsayar da shi, sai ka shiga ka soke da kanka.

Mai tambaya: Allah ya mayar maka da alheri. Amma Malam, ni ban iya zane ba, shi ya sa na nemi mai dannawa sau ɗaya. Kuma ba ka ce komai kan yankewar kai ba.

Mai zane: Bin layi ne, kamar ɗora takarda a kan hoto. Kai kuma yana yankewa don shafukan suna nuna hoton a da'ira, kusurwa huɗun nan duk tafiya suke. Fuska ta zauna a tsakiya, ta ci kamar rabin faɗin shafin, ki bar fili a saman kai. Ki ɓoye `Layer` na hoton, ki sa launi ɗaya a baya, ki ajiye a PNG. Ki duba shi a ƙarami kafin ki ɗora, siraran layi ɓacewa suke.

Wata 'yar'uwa: Ni fa ban gane ba. In ya yi kama da ita sak, ai wanda ya kwafe na farko zai kwafe wannan ma. Gara wanda ya ɗan bambanta.

Mai tambaya: Anti, so nake waɗanda suka san ni su gane ni. Bari in sake gwada hoton daren nan a wata manhajar tukun, wa ya san wadda ba ta haska fata?